Yadda ake rubuta rahoton duba walda na sito mai ƙashin ƙarfe

Manyan sito-sito da ake kafawa yanzu a Dawanau da Sharada da Challawa yawancinsu ƙashin ƙarfe ne: ginshiƙai biyu, rafta biyu su haɗu a tsakiya, a jera irinsu duk bayan mita 6, sannan a rufa kwano. Ƙarfen kansa ba kasafai yake ba da matsala ba. Inda ake samun cikas shi ne mahaɗa, wato inda aka yi walda, kuma da zarar an shafa jan fenti an ɗaga an ɗaure, babu mai sake ganin wannan walda da kyau. Abin da zai rage a hannu takarda ce kawai. Don haka rahoton da ya ce "an duba walda, tana da kyau" bai tsinana wa kowa komai ba. Rahoton kirki shi ne wanda wani da bai taɓa zuwa wajen aikin ba zai ɗauka, ya je ya ɗora yatsa a kan mahaɗin da ake magana, ya ga abin da aka auna, da ma'aunin da aka gwada shi da shi, da abin da aka yi bayan an ƙi shi.

Zan bi da kai ta kan misali ɗaya. A ce sito ne mai faɗin mita 20 da tsawon mita 60, firam 11, wato jerin ginshiƙai da rafta, raftocinsa IPE 360, ƙarfe mai siffar harafin I, leɓe sama da ƙasa, bango a tsakiya, an yi waldar a shago za a kai fili a ɗaure da noti.

Mataki na farko: a tsayar da ma'auni tun ba a kunna injin ba

Kafin ka ɗauki tocila, ka san da wace doka za ka yi hukunci. Biyu aka fi gani a zanen gini. Akwai AWS D1.1 ta Amurka, akwai kuma ta Turai, EN 1090-2, wadda take jingina da ISO 5817 mai matakai uku, B da C da D, B ne mafi tsauri. Injiniyan da ya zana ginin shi ke zaɓa, ba mai dubawa ba, ba ɗan kwangila ba. In zanen bai faɗa ba, ka tambaya a rubuce, ka maƙala amsar a bayan rahoton. Kada ka gauraya biyun, ka ɗauki sassauci daga wannan ka ɗauki tsauri daga waccan. Ranar da gardama ta tashi, wannan gaurayen ne zai kayar da kai.

A misalinmu mun ɗauki AWS D1.1, sashen ginin da nauyinsa a zaune yake, ba mai jijjiga ba. Sito na ajiyar buhuna nan ya faɗa. In kuwa akwai kuren, wato injin ɗaga kaya, da ke yawo a kan doguwar katanga a cikin siton, ƙarfen da ke ɗauke da shi yana ƙarƙashin sharuɗɗa mafi tsauri, sai a ware masa nasa layin. Ka rubuta shekarar bugun dokar, domin teburin duba da ido da yake 6.1 a bugun 2015 ya koma 8.1 a bugun 2020. Wanda ya rubuta lambar tebur ba shekara ya bar mai karatu yana lalube.

Sai ka karɓi takardu uku: zane na ƙarshe da lambar gyaransa, takardar tsarin walda da ake kira WPS, da shaidar gwajin masu walda. Takardar tsarin ita ke faɗin irin sandar walda da ƙarfin wuta da yadda za a jera zubi. In ta ce E7018 ka tarar da kwalin E6013 a gefen mai walda, wannan abin rubutawa ne tun kafin ka kalli waldar. Haka ma in E7018 ɗin ce amma a buɗe take a ƙasa tun safe. Ita sandar tana shan danshi, doka ta ce bayan an fasa kwali a ajiye ta a tanda mai zafin digiri 120, kuma kada ta wuce awa 4 a waje. Danshin ne ke jawo hujoji da tsagewar da ba ta fitowa sai bayan ƙarfe ya huce.

Mataki na biyu: kowane mahaɗi da sunansa

Nan ne yawancin rahotanni ke lalacewa. Mutum zai rubuta "wasu mahaɗai a ɓangaren gabas suna buƙatar gyara". Waɗanne? Bayan sati biyu shi kansa ba zai gane su ba.

Ka ɗauki kwafin zanen ka yi taswirar walda. Firam ka ba su F1 zuwa F11, ɓangarori biyu A da B, sannan kowace walda a mahaɗin lambarta. Misali, a kafaɗa inda rafta ke haɗuwa da farantin da za a ɗaure a jikin ginshiƙi, 01 ita ce waldar leɓen sama, 02 ta bangon tsakiya, 03 ta leɓen ƙasa, 04 ta ƙarshen tokaren da ke ƙarƙashin raftar. Sai sunan ya zama F4-A-01. Ka rubuta sunan da alƙalamin fenti a jikin ƙarfen, kimanin taƙi guda daga waldar, yadda zai fito a hoto. Kowane mai walda kuma a ba shi harafi, ya riƙa sawa a gefen aikinsa. Wasu na ganin wannan tonon asiri ne. Ni ina ganin adalci ne, don in mutum ɗaya ke kuskure, ba dalili a tuhumi mutum biyar, kuma in an tashi faɗaɗa bincike an san inda za a nufa.

Mataki na uku: shafin farko

Wannan ba ya cin lokaci, amma kada a tsallake komai: sunan aikin da wurinsa, lambar rahoto, ranar da aka yi walda da ranar da aka duba, lambar zane, irin ƙarfe da kaurinsa, doka da shekararta, kayan awo da aka yi amfani da su, sunan mai dubawa da takardar shaidarsa, ko CSWIP ce ko CWI. Ranaku biyun nan suna da dalili. Tsagewar danshi tana iya jinkiri, saboda haka EN 1090-2 ta tanadi lokacin jira kafin gwaji gwargwadon girman walda da irin ƙarfe. A ƙarƙashin AWS D1.1, ƙarfen gini na yau da kullum ana iya duba shi da ido da zarar ya huce. Ko ta wace hanya, mai karatu na son sanin tazarar.

Mataki na huɗu: dubawa da ido, da rubuta yadda aka duba

Kowace walda sai an duba ta da ido, ɗari bisa ɗari. A rahoto ana sa masa alamar VT. Sharaɗin farko shi ne a kakkaɓe kashin walda da guduma a goge da buroshin waya, kuma ba fenti. Doka ta hana a fente walda kafin a karɓe ta. In ka iso ka tarar an riga an shafa jan fenti, kada ka yi kawaici ka sa hannu. Ka rubuta "ba a duba ba, an rufe da fenti", a kankare sannan ka dawo. Fenti mai kauri yana cike ƙananan hujoji, yana kuma rufe tsaga siririya kamar gashi.

Haske ma a rubuta shi. ISO 17637 ta nemi aƙalla lukus 350 a kan waldar, ta fi son 500, idonka kuma kada ya wuce milimita 600 daga wurin, kada ka kalle shi a kwance ƙasa da digiri 30. Cikin shago da yamma hasken bai kai haka ba. Ka kwantar da tocila a gefe, haskenta ya bi jikin ƙarfen. Zaizayar da ba ka gani ba daga sama sai ta fito da inuwarta, baƙin layi a gindin waldar.

Sai awo. Yawancin waldar sito ta kusurwa ce, kuma girmanta iri biyu ake faɗa. A zanen da ya bi tsarin ISO, harafin z ƙafa yake nufi, wato nisan da waldar ta hau a kan kowane ƙarfe, harafin a kuma maƙogwaro, wato kaurinta daga lungu zuwa fuska. Maƙogwaro ƙafa ce sau 0.7. Ka ga z6 maƙogwaronta 4.2 ne, amma a6 tana buƙatar ƙafa wajen 8.5. Mai walda da ya karanta a6 ya yi ƙafa 6 ya rage wa ginin kusan kashi 30 cikin ɗari na ƙarfin wannan mahaɗi, alhali waldar tasa tana sheƙi. Don haka a rahoto ka rubuta harafin tare da lambar. Kuma ka auna ƙafafu biyun, ƙaramar ita ce girman waldar. In fuskar ta lotsa ciki, awon ƙafa zai ruɗe ka, sai ka juya geji ka auna maƙogwaro.

Mataki na biyar: gwajin da ya wuce ido

Zane ko kwangila ne ke faɗin kashi nawa za a yi wa ƙarin gwaji. A sito an fi yin uku. PT shi ne na jan ruwa, MT na maganaɗisu, su biyun aibin sama suke nunawa. UT na sauti ne, shi ke leƙa cikin waldar baki-da-baki, kamar inda aka haɗa guntayen rafta biyu don tsawo ya kai. Wannan sai mai takardar shaida, galibi mataki na 2 na ISO 9712, kuma rahotonsa daban yake, kai lambarsa kawai za ka sa a naka.

Jan ruwan shi ne aka fi samu, shi ne kuma aka fi yi wa riƙon sakainar kashi. Gwangwani uku ne: na wanki, ja, da fari. A wanke, a bari ya bushe, a fesa ja a jira, a goge da tsumma mai ɗan danshin ruwan wanki, a fesa fari siriri, a sake jira. ISO 3452-1 ta ba da minti 5 zuwa 60 na jiran ja, minti 10 zuwa 30 na fari, kuma zafin ƙarfen ya tsaya tsakanin digiri 10 da 50. A watan Afrilu a Kano, ƙarfen da ya yini a rana ya wuce wannan iyaka, jan yana bushewa kafin ya shiga tsaga, sai gwajin ya fito fari tas, a ce lafiya. Ka yi shi da sassafe ko a inuwa, ka rubuta zafin ƙarfen da mintunan da ka jira da lambar gwangwanin. Kada kuma a fesa ruwan wanki kai tsaye a kan waldar bayan ja, yana wanke har wanda ya shiga tsagar.

Mataki na shida: hukunci, da lissafinsa a fili

Ga sharuɗɗan da za ka fi cin karo da su a AWS D1.1 don gini irin namu. Tsagewa ba a karɓarta, komai ƙanƙantarta. Dole walda ta narke ta kama ƙarfen, wadda ta malala ta ɗare a kai ba ta kama ba an ƙi ta. Ramin da ke ƙarshen zubi sai an cike shi. Zaizayar gefe a ƙarfen da bai kai milimita 25 ba kada ta wuce zurfin milimita 1, sai dai an yarda ta kai 2 in jimillar tsawonta bai wuce milimita 50 a cikin kowane 300 ba. Waldar kusurwa tana iya gazawa kaɗan, milimita 2.5 ga mai girman 6, milimita 3 ga mai 8 zuwa sama, da sharaɗin wurin da ya gaza bai wuce kashi 10 cikin ɗari na tsawonta ba. Hujojin iska masu faɗin milimita 1 zuwa sama, in aka tara faɗinsu kada ya wuce 10 a cikin milimita 25 na walda. Waldar baki-da-baki mai ratsa kauri duka, wadda nauyi ke ja a gicciye, ita ko huji ɗaya ba a yarda ba.

Yanzu mu koma firam na huɗu. Leɓen IPE 360 faɗinsa milimita 170 ne, kaurinsa 12.7, bangon tsakiya kuma 8. A ce zane ya nemi ƙafa 8 a leɓe, 6 a bango.

A F4-A-01 geji ya nuna 8 a farko, amma daga milimita 90 zuwa 150 ya sauka 6. Gazawar milimita 2 ce, ba ta kai 3 ba, nan ne ɗan kwangila zai ce ai tana cikin doka. Sai ka nuna masa rabin sharaɗin na biyu. Kashi 10 na 170 milimita 17 ne, wurin da ya gaza kuwa 60 ne, fiye da kashi ɗaya bisa uku. An ƙi. Kuma ba son rai ba ne: leɓen sama a kafaɗa shi ne nauyin rufi ke ja, a wannan yankin maƙogwaron ya sauka daga 5.7 zuwa 4.2.

A F4-A-02, waldar bango mai tsawon kusan milimita 300, akwai zaizaya mai zurfin 1.5 da tsawon 30. Ta wuce 1, amma ba ta kai 2 ba, tsawonta kuma bai kai 50 ba. An karɓa. Ka rubuta ta duk da haka, da awonta. Mai dubawa da ke ƙin abin da doka ta karɓa yana ɓata kuɗin mutane, kuma gobe in ya ƙi abin da ya kamata ba za a saurare shi ba. Irin wannan zaizaya a F4-B-02, zurfi ɗaya amma tsawon 80, ita an ƙi ta.

A F4-A-04, ƙarshen tokare, ido ya ga ɗan rami inda mai walda ya ɗage sanda da sauri, da wani abu kamar tauraro a tsakiyarsa. Aka yi jan ruwa. Cikin 'yan mintuna jan layi ya ɓullo a kan farin, siriri da farko, sannan ya yi ta faɗi yana tsatstsafowa, tsawon milimita 15. Tsagewa ce, an ƙi, babu wani lissafi.

Kowane layi a teburin rahoto ya ɗauki abu takwas: sunan mahaɗi, harafin mai walda, abin da zane ya nema, hanyar dubawa, abin da aka gani da inda yake, iyakar doka, hukunci, da lambar hoto. Layin na farko zai karanta kamar haka: F4-A-01, mai walda C, z8 tsawon 170, VT, z6 daga 90 zuwa 150 in an auna daga gefen hagu, iyaka 17, an ƙi, hoto na 12. Ka lura da "daga gefen hagu". In ba ka faɗi inda awo ya fara ba, lambobin ba su da amfani. Hoton kuma a sa ruula a gefen waldar, sunan mahaɗin ya fito a ciki.

Mataki na bakwai: mahaɗin da aka ƙi, har a rufe shi

Ƙi rabin aiki ne. Ka zagaye wurin da fenti mai launi daban, ka buɗe masa takardar saɓani, wadda ake kira NCR, ka sa lambarta a layin. A cikinta ka faɗi aibin da hanyar gyara, domin in ka bar wa shago zaɓi, abin da za a yi shi ne a ɗora sabon zubi a kan tsohon a rufe.

Wadda ta gaza girma da wadda ta zaizaye, gyaransu mai sauƙi ne: a goge, a ƙara zubi da sandar da WPS ta faɗa. Zaizaya ba a gyara ta da giranda kaɗai in ta yi zurfi, don cin ƙarfen kake ƙarawa. Hujoji da rashin kamawa sai an tono su har a kai ƙarfe mai lafiya. Tsagewa kuwa tana da nata tsari a AWS D1.1: a gano iyakarta da jan ruwa ko maganaɗisu, a cire ta tare da milimita 50 na walda mai lafiya a kowane gefenta, sannan a sake. Ni nakan nemi a kira ni in ga ramin a buɗe, a yi masa jan ruwa kafin a cike. Giranda tana iya shafe bakin tsaga ta rufe shi a ido, saiwar tana nan a ƙasa, kamar haƙorin da aka cike ba a kwashe ruɓar ba. In tsagar ta tsallaka daga walda ta shiga jikin rafta ko faranti, ka tsayar da aiki a wurin, wannan maganar injiniyan da ya zana ginin ce, shi zai amince da gyaran a rubuce.

Bayan gyara a sake dubawa da hanyar da aka gano aibin da ita, da ma'auni ɗaya. Abin da jan ruwa ya kama, jan ruwa ne zai wanke shi. Kada ka goge layin farko ka mai da shi "an karɓa". Ka bar shi yadda yake, ka buɗe sabon layi mai suna F4-A-04-R1 da ranarsa da sakamakonsa. In ya sake faɗuwa ya zama R2, kuma a nan ya kamata a tsaya a tambayi dalili, don yawan maimaita wuta a wuri ɗaya yana karkatar da faranti har ya ƙi zama daidai a jikin ginshiƙi.

Sannan ka waiwayi harafin mai walda. Mahaɗai ukun da aka ƙi a firam na huɗu, in duk na C ne, to sauran ƙarshen tokaren da C ya yi su ma a yi musu jan ruwa, ko da ba sa cikin kason da aka zaɓa tun farko. Ka rubuta cewa an faɗaɗa, da dalili, da sunayen mahaɗan. Sau da yawa abin da ake tararwa ƙarami ne: wuta ta yi yawa shi ya sa gefe ke zaizayewa, ko yana ɗage sanda ba ya ɗan komawa baya ya cike rami. A faɗa masa a gaban aikin, cikin mutunci. "Malam, dubi nan, in ka zo ƙarshe ka ɗan dakata ka koma baya kafin ka ɗaga." Wannan ya fi takarda goma saurin gyara sauran firam bakwai.

Shafin ƙarshe

Ka tara lissafi: walda nawa ke taswira, nawa aka duba da kowace hanya, nawa aka ƙi, nawa aka gyara aka rufe, nawa ke buɗe. Lambobin su yi daidai da taswirar. Sai jerin waɗanda ba a duba ba da dalilin kowanne, ko fenti, ko hannu bai kai ba, ko ba a gama ba. Waldar da za a yi a fili bayan an ɗaga firam, kamar ta maƙalan da aka manta ko ramin noti da bai dace ba aka yi dabara, ba ta cikin wannan rahoto, ka faɗi haka a sarari, a buɗe mata nata. Ita ce ma ta fi buƙatar ido, don a sama ake yin ta, cikin iska, a kan tsani.

Izinin fenti da lodi ka ba da shi firam-firam, ba a dunƙule ba: F1 zuwa F3 da F5 zuwa F11 an sake su, F4 yana tsare har a rufe takardun saɓaninsa uku. Kai ka sa hannu, wakilin shago ya sa, injiniyan aikin mai rajistar COREN, hukumar kula da aikin injiniya ta Najeriya, ya sa, kowa da kwanan wata, a maƙala taswira da hotuna da rahoton UT a baya, a ba mai siton kwafi ɗaya ya ajiye tare da zanen ginin.